Wasiƙar Ƙin Karɓar Aiki

Wasiƙar ƙin karɓar aiki ita ce wadda mutum yake rubuta wa makaranta ko hukuma ko kamfanin da ya ba shi aiki, domin ya sanar da su cewa ba zai kama aikin ba. Tana cikin rukunin wasiƙun hukuma, saboda haka siffarta ɗaya ce da ta wasiƙar neman aiki: adireshin marubuci da kwanan wata, adireshin wanda aka rubuta wa, gaisuwa, kan magana, gundarin wasiƙa, rufewa, sa hannu da cikakken suna. Inda ta bambanta da sauran shi ne nauyin da aka ɗora mata. Ana so ta rufe maganar aikin da aka bayar yanzu rufewa ta sosai, amma kuma kada ta yanke hulɗa tsakanin marubuci da waɗanda suka ba shi aikin. Waɗannan buƙatu biyu sukan ja juna, kuma yawancin kurakuran ɗalibai daga nan suke tasowa.

Me ya sa sai an rubuta?

Takardar ɗaukar aiki tayi ce, ba umarni ba. A dokar yarjejeniya, kamar yadda yake a fiƙihun ciniki inda ake maganar ijabi da ƙabuli, ba a ƙulla komai ba sai wanda aka yi wa tayi ya amsa da cewa ya karɓa. Shi ya sa irin waɗannan takardu sukan ƙare da wa'adi, galibi mako ɗaya ko biyu, wanda a cikinsa ake son mutum ya rubuto ko ya karɓa ko bai karɓa ba. Wanda ya yi shiru har wa'adin ya cika bai karya doka ba, domin tayin yakan faɗi da kansa. Sai dai ya bar ɓarna a bayansa.

Ɓarnar ta fi fitowa fili a aikin koyarwa. Shugaban makaranta yakan raba darussa ya tsara jadawali kafin a buɗe zangon farko a watan Satumba, kuma da sunan sabon malami yake cike gurbin. Wanda ya zo na biyu a ganawar ɗaukar aiki yana nan yana jira, amma ba za a kira shi ba sai an tabbatar na farko ba ya zuwa. Idan aka kwashe mako biyu ana sauraro, mai yiwuwa ne shi ma na biyun ya samu wani wuri, makaranta ta tashi ba ga tsuntsu ba ga tarko, yara kuma su yi makonni ba malami. Shugaban da aka yi wa haka ba ya mantawa da sunan. Malamai da shugabannin makarantu na gari ɗaya kuwa sun san juna, suna haɗuwa wajen bita da wajen duba takardun jarrabawa, suna kuma tambayar juna labarin masu neman aiki.

Inda kunya take hana ruwa gudu

Bahaushe ba ya son ya ce wa babba "a'a" gatsau. Idan aka yi masa tayin da ba ya so, sai ya ce "sai na yi shawara", ko "bari mu gani", ko "Allah ya zaɓa mana mafi alheri". A zance na baka wannan ya wadatar. Mai sauraro yana ganin fuska, yana jin murya, ya kuma san al'ada, don haka yakan gane an ƙi ba tare da an ci masa fuska ba. Wannan ɗabi'a ce mai kyau a muhallinta.

Takarda ba ta da fuska kuma ba ta da murya. Bugu da ƙari, ba lallai ne wanda aka rubuta wa ya zama shi kaɗai zai karanta ba. Wasiƙar za ta shiga fayil, magatakarda zai duba ta, mai makaranta ko kwamitin ɗaukar ma'aikata za su yanke hukunci a kanta, alhali wasunsu ba su taɓa ganin marubucin ba. Tambaya ɗaya ce a gabansu: a kira wani ko a jira? Wasiƙar da ba ta amsa wannan tambaya ba, komai daɗin kalamanta, ba ta yi aikinta ba. Saboda haka ƙa'idar ita ce a fito da ƙin a fili cikin jimla guda, ladabin kuma a zuba shi a wasu wurare, wato a godiya, da saurin ba da amsa, da yadda aka kawo dalili.

Misali daga aikin koyarwa

A ɗauka wani matashi ya kammala karatun takardar shaidar malanta ta ƙasa a fannin Hausa. Ya nemi aiki a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Kazaure, aka yi ganawa da shi, aka sa ya koyar da darasin gwaji, aka zaɓe shi. Takardar ɗauka ta fito ranar Litinin, 1 ga Satumba, 2025. Ta ba shi kwana 14 ya ba da amsa, ta kuma ce zai fara aiki ranar 15 ga wata, ranar da za a buɗe makaranta. Ranar 3 ga wata sai ya samu labarin jami'a ta ba shi gurbin karatun digiri a fannin ilimi. Da yake yana da takardar shaidar malanta, daga aji na biyu zai fara, wato shekara uku ke gabansa, kuma a wani gari. Taura biyu ba ta taunuwa, sai ya zaɓi karatu.

Ga gundarin abin da ya fara rubutawa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya kamar yadda nake lafiya. Na ga takardarku kuma na yi murna ƙwarai. Sai dai wasu 'yan al'amura sun taso mini waɗanda nake ƙoƙarin warwarewa. In Allah ya yarda komai zai daidaita, za ku kuma ji daga gare ni. Don Allah a yi mini haƙuri, a yafe mini."

A zuciyarsa ya ƙi aikin. A kan takarda bai ƙi ba. Jimlar "za ku ji daga gare ni" ma alkawari ce, kuma shugabar makarantar tana da hujjar ta ci gaba da riƙe masa gurbi har 15 ga wata. Ba a ambaci wace takarda ba, ba a ambaci wane aiki ba, gaisuwar kuwa ta wasiƙar zumunci ce. Neman yafiyar da ya rufe da shi ya sa abin ya yi kama da wanda ya aikata laifi, alhali ƙin tayi haƙƙinsa ne. Ga yadda wasiƙar ta kasance bayan gyara:

Unguwar ..........,
Kazaure,
Jihar Jigawa.
4 ga Satumba, 2025.

Shugabar Makaranta,
Makarantar Sakandare ta ..........,
Kazaure.

Ranki ya daɗe,

AMSAR TAKARDAR ƊAUKAR AIKIN MALAMIN HAUSA

Na samu takardarku mai lamba .........., ta ranar 1 ga Satumba, 2025, wadda a cikinta kuka ba ni aikin koyar da Hausa a ƙaramar sakandare. Ina godiya da wannan zaɓi da kuka yi mini, da kuma lokacin da kwamitinku ya ba ni ranar ganawa, musamman gyaran da aka yi mini bayan darasin gwaji.

Ina mai sanar da ku cewa ba zan samu damar karɓar wannan aiki ba. Dalili shi ne na samu gurbin karatun digiri wanda zai ɗauke ni shekara uku a wajen Kazaure. Na gaggauta rubutowa ne domin ku samu sukunin cike gurbin kafin a buɗe makaranta ranar 15 ga wata.

Sha'awata ta koyarwa a makarantarku tana nan. Ina roƙon a bar takarduna a fayil, kuma zan so in sake neman aiki a wurinku idan na kammala, matuƙar akwai gurbi a lokacin. Kafin nan, idan kuna shirya darussan dogon hutu kuma kuna bukatar malamin Hausa, a shirye nake.

Allah ya ƙara ɗaukaka makarantar.

Naku mai biyayya,
(sa hannu)
(cikakken suna da lambar waya)

Gundarin wasiƙar kimanin kalma 150 ne kawai. Gajartar da gangan ce, domin duk jimlar da aka ƙara a irin wannan wasiƙa wata kafa ce ta yin kuskure.

Jimlar ƙi

Zuciyar wasiƙar ita ce "ba zan samu damar karɓar wannan aiki ba". Ya kamata ɗalibi ya auna ta da 'yan uwanta. "Na ƙi aikin" da "ba na son aikin" sun fito fili, amma suna nuna aibin yana jikin aikin ne, kuma da kunnen Bahaushe sun yi kaushi. "Ba zan iya ba" tana da harshen damo, domin ana iya fahimtarta da cewa marubucin ba shi da ƙwarewar koyarwar, wanda zai cutar da shi ranar da ya dawo nema. "Da wuya in samu zuwa" da "ina jin ba zan zo ba" sun bar ƙofar shakka a buɗe. Ita kuwa "ba zan samu dama ba" korewa ce cikakkiya, mai "ba" a farko da "ba" a ƙarshe, amma ta ɗora abin a kan hali da yanayi, ba a kan makarantar ba.

Wurin da aka ajiye jimlar shi ma abin lura ne. Ba a buɗe wasiƙar da ita ba, saboda fara magana da ƙi kafin godiya rashin ladabi ne. Ba a kuma binne ta a ƙarshe ba. Ta zo a farkon sakin layi na biyu, inda idon mai karatu cikin gaggawa zai faɗa a kanta. Kan maganar ma an rubuta shi ne da kalmar "amsa", ba "ƙi" ba, don kada ƙin ya zama abin da aka fara gani da manyan baƙaƙe.

A lura kuma da wakilan suna. An gaida shugabar da "Ranki ya daɗe" domin ita ce mai ofishin, amma a cikin gundari an yi amfani da "ku", wanda ya haɗa girmamawa da nuna cewa makarantar ake yi wa magana. Kuskuren da aka fi gani a rubutun ɗalibai shi ne su fara da "kuka ba ni", su koma "kika ba ni", su rufe da "Naka". Duk wanda aka zaɓa, a tsaya a kansa har ƙarshe.

Dalili: nawa za a faɗa?

Ba dole ba ne a kawo dalili, amma a al'adar Hausa ƙi ba tare da uzuri ba yakan yi kama da raini, don haka jimla ɗaya ta dalili tana da amfani. Sharaɗinta shi ne ta zama gaskiya. Matashin da ke cikin misalin nan ya yi sa'a, domin karatu uzuri ne da kowane shugaban makaranta zai karɓa da hannu biyu. Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne wanda ya ƙi saboda wata makaranta ta fi biya, ko saboda Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiharsa ta ɗauke shi aikin gwamnati mai fansho. A nan ne ake jarabtuwa da ƙirƙiro rashin lafiyar mahaifi ko ƙaura zuwa wani gari. Ramin ƙarya ƙurarre ne: cikin wata guda za a gan shi yana koyarwa a makarantar da ke bayan kasuwa, kuma daga ranar ƙofar da yake son bari a buɗe ta rufe.

Abin da ya dace ya rubuta shi ne, "na riga na karɓi wani aiki da ya fi dacewa da halin da nake ciki yanzu". Wannan gaskiya ce, kuma ba ta kwatanta kowa da kowa ba. Ba a bukatar sunan wurin, ba a bukatar adadin albashi. Haka nan wasiƙar ba wurin ba da shawara ba ce. Wanda ya lura azuzuwan sun cika maƙil, ko ya ji ana jinkirin biyan albashi, ya bar abin a cikinsa. Magana zarar bunu ce, ta takarda kuwa ta fi, domin tana nan a fayil bayan wanda ya rubuta ta ya manta.

Akwai wani tarko a wajen kawo dalili. Idan aka ce "saboda nisan wurin" ko "saboda albashin bai kai ba", an ba makarantar abin da za ta iya gyarawa. Tana iya cewa za ta ƙara kuɗin mota, sai marubuci ya rasa ta cewa, ya koma neman uzuri na biyu. Saboda haka wanda ya yanke shawara ya kawo dalilin da ba ya karɓar ciniki. Wanda kuwa a ransa zai karɓi aikin in an ƙara wani abu, to ba wasiƙar ƙi ya kamata ya rubuta ba. Ya rubuta ta neman a sake duba sharuɗɗa, ya yi ta cikin sigar tambaya, kamar "ko akwai damar a duba batun kuɗin mota?" Bambancin yana da muhimmanci, domin a doka wanda ya ƙi tayi, da zarar ƙin ya isa hannun mai tayin, tayin ya mutu. Ba zai dawo bayan kwana biyu ya ce ya karɓa ba, ko da wa'adin bai cika ba, sai in makarantar ta ga dama ta sabunta.

Barin ƙofa a buɗe

Jimloli irin su "Allah ya sa mu haɗu a gaba" addu'a ce mai kyau, amma ba ta ba makaranta abin da za ta riƙe ba. A wasiƙar misali an ambaci abubuwa takamaimai: a bar takardu a fayil, za a sake nema bayan shekara uku, ana iya taimakawa a dogon hutu. Na ƙarshen ya fi sauran ƙarfi, saboda shi ne kaɗai zai sa a ci gaba da ganin fuskar marubucin a makarantar. Kalmomin "matuƙar akwai gurbi" kuma suna nuna ya san ba a bin makarantar bashin komai. Da ya rubuta "a ajiye mini gurbina har in dawo", da ya nemi abin da ba a yi masa alkawari ba.

Wannan sakin layi yana da iyaka. Kada a yi alkawarin da ba za a cika ba, kuma kada a rubuta shi in ba a nufe shi ba. Wanda ya tabbata ba zai taɓa son aiki a wurin ba, godiya da addu'a sun ishe shi. Ita ma ƙofar ba ta da tabbas: shugabanni suna sauyawa, fayiloli suna ɓata, kuma kyakkyawar wasiƙa ba ta tilasta wa kowa ya ɗauki mutum. Abin da take yi shi ne ta sa ranar da sunan ya sake zuwa gaban kwamiti, ba wanda zai ɓata fuska.

Lokaci da hanyar isarwa

Matashin ya rubuta ranar 4 ga wata, kwana ɗaya bayan ya yanke shawara, ya bar wa makarantar kwana 11. Da ya jira ranar ƙarshe ta wa'adi, da wasiƙar ta iso a ranar da yara suka shiga aji, kuma da kalamanta masu daɗi ba su rage komai ba. Amma gaggawa ma tana da sharaɗi. Kada a ƙi aiki saboda labarin baka cewa "sunanka ya fito" a wani wuri. Sai takardar ɗaya wurin ta zo hannu. In ba ta zo ba kuma wa'adi yana ƙaratowa, a rubuta gajeriyar takarda ta neman ƙarin kwanaki, a faɗi ranar da za a ba da amsa.

A yi kwafi biyu, a kai ofis da hannu, a roƙi magatakarda ya buga hatimi ko ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafin da za a riƙe. Idan ta imel aka aiko takardar ɗauka, ana iya mayar da amsa ta nan, da siffa da kalmomi iri ɗaya. Saƙon waya ba ya maye gurbin wasiƙa, ko da yake kiran shugaban makaranta kafin takardar ta isa ladabi ne. Harshen amsa kuwa ya bi harshen takardar da aka aiko. Yawancin ma'aikatun gwamnati a Nijeriya da Ingilishi suke rubutu, amma makarantun Islamiyya da ƙungiyoyi da dama da Hausa suke yi, kuma tsarin da aka bayyana a nan bai sauya ba ko da wane harshe aka rubuta.

Sau da yawa akwai mutum na uku a cikin maganar, wato dattijo ko tsohon malamin da ya kai takardun mutum ko ya tsaya masa. Shi ba wasiƙa ake aika masa ba. Ana zuwa ne takanas a same shi, kafin takardar ta isa makaranta, a ce, "Malam, na zo ne in sanar da ku abin da ya taso, kada ku ji a bakin wani." Mutuncinsa ya jingina lokacin da ya yi magana, kuma idan a wurin shugabar makaranta ya fara jin labari, da wuya ya sake tsaya wa wannan matashi, ko ƙannensa da ke tafe.

Duk wannan bayani ya shafi wanda bai riga ya karɓa ba ne. Wanda ya sa hannu ya ce ya karɓa, sannan ya sauya ra'ayi, ya riga ya shiga yarjejeniya. Abin da zai rubuta janyewa ce ko ajiye aiki, kuma wajibi ne ya koma ga takardar ɗauka ya duba wa'adin sanarwar da ta gindaya. A nan ne neman afuwa yake da muhalli.

Aikin aji

Wata malama ta samu takardar ɗauka daga wata makarantar Islamiyya, mai wa'adin kwana 7. A rana ta uku sai takardar aikin gwamnati ta zo hannunta. Ɗalibi ya rubuta mata wasiƙar ƙi wadda gundarinta bai wuce kalma 150 ba, ba tare da ambaton albashi ko sunan sabon wurin aikin ba. Bayan haka ya musanya da na kusa da shi, kowa ya ja layi a ƙarƙashin jimlar ƙi ta abokinsa, ya kuma faɗi ko magatakardan da bai san malamar ba zai iya kiran wanda ya zo na biyu da zarar ya gama karantawa.